Mafarkin Tabarma: Abin da ke Tashin Yara Cikin Dare

Duk uwar da ta taɓa jin ihun ɗanta a tsakar dare ta san yadda gaba ke faɗuwa kafin ma ƙafa ta taɓa ƙasa. Ni na ji wannan ihun a wurin 'ya'yana biyu, kuma na ɗauki shekaru kafin na gane cewa abu biyu ne daban nake kira da suna ɗaya. Mu a gida komai "firgita" muke ce masa. Amma abin da ya sami ɗana yana ɗan shekara huɗu da abin da ya sami yayarsa tana 'yar shekara bakwai ba hanyarsu ɗaya ba, kuma lallashin da ya yi wa ɗaya magani ƙara dagula ɗayan yake yi.

Na ɗan nawa yakan zo ne da wuri. In ya kwanta bayan isha'i, wajen ƙarfe goma sai ya zabura ya zauna, ido a buɗe, gumi na tsattsafo masa, yana ihu yana ture-ture. In na ce, "Ga Umma, ga ni nan," sai ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. In na rungume shi sai ya ƙara fizgewa. Bayan minti biyar ko goma sai jikinsa ya saki, ya koma ya kwanta kamar an zare masa laka. Da safe ya tashi yana neman kokonsa, in ka tambaye shi abin da ya faru jiya sai ya yi ta kallonka. Bai san an yi ba.

Wannan ba mafarki ba ne, kuma dalilin yana cikin yadda barci yake tafiya. Barci hawa-hawa ne, yana zagayawa sau da yawa kafin gari ya waye. A sa'o'in farko na dare mutum yakan nutse cikin barci mai nauyi, irin wanda ake ɗaukar yaro daga tabarma a kai shi gado bai motsa ba. Can a rabin dare na biyu, musamman gab da asuba, barcin mafarki ne ke yawaita, wanda in ka lura za ka ga ƙwayar idon mai barcin tana kaiwa da komowa a ƙarƙashin fatar ido. Firgitar farkon dare tana faruwa ne idan yaro ya maƙale wajen fitowa daga barci mai nauyin nan: jiki ya farka, hankali bai farka ba. Shi ya sa ba ya gane mahaifiyarsa, shi ya sa kuma ba ya tuna komai. Ta fi kama yara daga shekara uku zuwa bakwai ko takwas, takan bi jini, kuma gajiya, ƙarancin barci da zazzaɓi suna tayar da ita. Ba a tashin yaro a wannan hali, ba a girgiza shi, ba a yayyafa masa ruwa. A kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sakaya ƙofa don kada ya fita, a zauna kusa har ta wuce. In tana zuwa kusan lokaci ɗaya kowane dare, akwai dabarar da likitocin yara ke bayarwa: a taɓa yaron a hankali kamar minti goma sha biyar kafin lokacin, har ya ɗan motsa ya juya, a bar shi ya koma, a yi haka na mako ɗaya ko biyu. Mu abin da ya raba mu da ita shi ne dawo masa da barcin rana da ya daina, da matso da lokacin kwanciyarsa.

Mummunan mafarki kuwa ya sha bamban. Yaro yana farkawa sarai, ya san ki, ya ƙanƙame ki, yana iya faɗin abin da ya gani, kuma yakan ƙi komawa barci don tsoron kada abin ya dawo. Saboda haka tambayoyi biyu na farko da ya kamata uwa ta yi wa kanta su ne: ƙarfe nawa ne, kuma ya gane ni? Amsarsu ce ke nuna mata ko ta rungume shi ko ta tsaya ta yi gadi kawai.

'Yata ta fara nata ne a wata damina. Wajen ƙarfe huɗu na asuba, kafin kiran salla na farko, sai in ji tafin ƙafarta, ta zo ta tsaya a bakin gadona tana rawar jiki. Daren farko ba ta ce komai ba sai kuka. A na uku ne ta faɗa mini, da murya ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron kada wani ya ji.

"Umma, wani mutum ne yake naɗe tabarma. Kuma ƙanena yana ciki."

"Wane mutum ne? Kin san shi?"

"Ba shi da fuska. Ina ta kiranki, muryata ba ta fita."

Na yi abin da kowace uwa ke yi. Na tofa mata addu'a, na ce mafarki ne kawai, ba gaskiya ba ne, ki kwanta. Ta kwanta, amma washegari ta dawo, jibi ma haka. Kakarta ta ce a nemi a fassara, don kada ya zama ishara ce game da yaron. Wannan magana ta tayar mini da hankali ƙwarai, kuma na san ba ni kaɗai ba ce: mu mutane ne da muka ɗauki mafarki da muhimmanci, kuma in aka ga mutuwa a cikinsa, zuciya takan tafi ga abin da zai zo nan gaba. Abin da na koya daga wannan lamari, kuma shi ne ya sa nake wannan rubutu, shi ne mafarkin da ke maimaita kansa a wurin yaro kusan kullum labarin jiya yake bayarwa. A baya ake neman asalinsa, cikin abin da yaron ya gani, ko ya ji, ko aka yi masa da rana.

Na sami tsohon littafin rubutu na fara ajiye bayani: ranar da mafarkin ya zo, ƙarfe nawa, me ta ci, ƙarfe nawa ta kwanta, me ya faru da rana. Cikin mako biyu ya zo sau takwas. Da na koma baya ina lissafin ranar da ya fara, sai abin ya faɗo mini. Kwana huɗu kafin daren farko an yi rasuwa a maƙwabtanmu, wani jariri. 'Yata tana zaure lokacin da aka fito da shi, a hannun wani dattijo, naɗe cikin tabarma. Babu wanda ya lura da ita. Da ta tambayi wata mata a wurin zaman makoki ina aka kai shi, sai matar ta ce, "Barci yake yi, an tafi da shi." Matar da kyakkyawar niyya ta faɗa. Amma a gidanmu akwai yaro da ke barci a kan tabarma kowace rana.

Shekarunta su ne suka sa maganar ta kama ta haka. Ɗan shekara uku da ya ga abin da ta gani zai iya tambaya yaushe jaririn zai dawo, ya koma wasansa. Tsakanin shekara biyar zuwa bakwai ne yawancin yara ke fara gane cewa mutuwa ba a dawowa daga gare ta, kuma tana iya samun kowa, har na gida. Ganewar ta zo mata, bayanin bai zo ba, sai ƙwaƙwalwarta ta ci gaba da juya abin cikin dare.

Haka abin yake a kowane mataki: yaro yana mafarkin abin da hankalinsa ya isa ya ji tsoro. Wani masani ɗan Amurka, David Foulkes, ya yi shekaru yana bin yara a ɗakin binciken barci, yana tashinsu a lokacin barcin mafarki yana tambayarsu me suka gani, ya kuma fitar da sakamakon a littafi a 1982. Ya tarar 'yan shekara uku zuwa biyar ba safai suke ba da labarin mafarki ba, in ma sun bayar gajere ne, kamar hoto a tsaye, galibi na dabba. Sai wajen shekara bakwai zuwa takwas yaro ke fara ganin kansa a cikin mafarkin yana yin wani abu, labarin yana da farko da ƙarshe. Wannan ya dace da abin da iyaye ke gani a gida, domin munanan mafarkai sun fi yawa tsakanin shekara shida zuwa goma, lokacin da ƙwaƙwalwa ta iya ƙaga labari amma ba ta riga ta iya kwantar wa kanta da hankali ba.

Ɗan shekara biyu zuwa uku ba shi da bakin faɗa. Zai farka yana kiran uwarsa, ya ce "kare" ko "wuta", shi ke nan. Babban tsoronsa a wannan lokaci shi ne rabuwa da uwa, kuma al'adarmu tana da lokutan da ke taɓa wannan tsoron kai tsaye: yaye, musamman in aka ɗauke shi aka kai gidan kaka dare ɗaya, da zuwan ƙani wanda ya karɓe masa baya da nono da gefen gado. In yaro ya fara tashin dare a irin wannan lokaci, ba sai an je nesa neman dalili ba. Maganinsa jiki ne da murya, a goya shi, a bar masa zanen uwarsa da ya saba da ƙanshinsa.

Daga uku zuwa shida kuma zamanin Dodo ne. Kura, maciji, aljani, wani abu a bayan randa ko a ƙarƙashin gado. A wannan shekaru yaro bai gama raba abin da ke cikin kansa da abin da ke cikin ɗaki ba. In ya ce kura tana bayan ƙofa, a wurinsa tana nan, kuma yana mamakin yadda ke ba ki gan ta ba. Shi ya sa "mafarki ne kawai" ba ta cika yi masa amfani ba. Gara a kunna tocila a haska ɗakin tare da shi sau ɗaya, a nuna masa cewa inuwar nan rigar Baba ce a rataye. A nan dole in faɗi wata magana da ba za ta yi wa wasunmu daɗi ba. Yawancin dodannin nan mu muke sa su a ɗakin. Mu ne ke cewa, "Ka yi shiru ko in kira Dodo," "In ka fita maye zai kama ka," "Bari in kira mai allura." Da rana maganar tana aiki nan take, yaro ya nutsu. Da dare kuma mu ne za mu tashi mu biya bashin. Tatsuniya ba ta da laifi, don a cikinta ana cin galabar Dodo, kuma yaro yana jinta ne a jikin kakarsa. Barazana ce ke barinsa shi kaɗai da abin tsoron. Haka nan waya: yaro ɗan shekara biyar da ke leƙen fim ɗin aljanu ko bidiyon gawarwaki ta kafaɗar yayansa ya ga abin da ba shi da inda zai ajiye shi.

Daga bakwai zuwa goma sha biyu dodanni sukan ragu, abubuwan duniya su maye gurbinsu: ɓarayi, gobara, ɓata a kasuwa, mutuwar uwa ko uba, wani yana bin ka kana gudu ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Mafarkin bi da gudu yana cikin waɗanda suka fi yawa a ko'ina, kuma shi kaɗai ba ya nufin komai. Amma in ya nace, yana da kyau a tambayi yaro wa yake gudu da rana. Sau da yawa akwai wani babban yaro a hanyar makaranta, ko bulalar da ake jira saboda hadda ba ta zauna ba, ko faɗan iyaye da yake ji ta bayan labule alhali an ɗauka ya yi barci. In mafarkin ya fi zuwa a daren da za a wayi gari a koma makaranta, ya yi sauƙi a lokacin hutu, littafin bayanin nan zai nuna. Matasa kuma nasu ya fi karkata ga kunya da faɗuwa: jarrabawar WAEC ta zo ba a yi karatu ba, an tsinci kai a gaban jama'a ana dariya. A wannan shekaru ne kuma dannau ke fara zuwa wa wasu. A barcin mafarki jiki yakan saki gaba ɗaya don kada mutum ya aikata abin da yake gani, to wani lokaci hankali kan riga jiki farkawa, sai mutum ya ji an danne masa ƙirji ya kasa motsi na ɗan lokaci. Rashin isasshen barci da kwanciyar rigingine suna ƙara shi, kuma matashin da aka yi wa wannan bayani tsoronsa yakan ragu sosai.

Ban yarda da jerin nan na "in ya ga kaza, ma'anarsa kaza" ba idan ana maganar yara. Kare a mafarkin yaron da kare ya taɓa kora daban ne da kare a mafarkin wanda ya gan shi a littafi. Shekaru suna nuna inda za a fara dubawa ne kawai, sauran sai an ji daga bakin yaron.

Ga yadda muka yi da 'yata. Cikin dare na daina yi mata tambayoyi, domin ƙarfe huɗu ba lokacin bincike ba ne. In ta zo sai in riƙe ta, in ce, "Kin ji tsoro. Ga ni, ga ƙaninki can yana numfashi, zo ki taɓa shi." Sai ta sa hannu a bayansa ta ji yana hawa yana sauka. In ba ta ruwa ta kurɓa, mu karanta Falaƙi da Nasi tare, da bakinta, ta tofa a tafin hannunta ta shafa, ta juya ɗaya gefen kamar yadda aka koyar. Na lura in ita ta karanta ta fi samun nutsuwa fiye da in ni na tofa mata, don ta sami abin yi da kanta. Daga nan in raka ta shimfiɗarta in zauna har numfashinta ya daidaita. An san koyarwar addini cewa ba a yawo da labarin mummunan mafarki. A fahimtata wannan bai hana uwa sauraron 'yarta mai shekara bakwai don ta cire mata tsoro ba. Abin da na kiyaye shi ne ban bari labarin ya zaga gida ana ta fassara shi a gabanta ba.

Babban aikin da rana aka yi shi. Na zaunar da ita da hantsi muna tsince shinkafa, na gaya mata gaskiya da kalmomin da za ta ɗauka: jaririn nan rasuwa ya yi, ba barci ba, ya yi ciwo mai tsanani, ya koma ga Allah. Barci daban, mutuwa daban. Mai barci yana numfashi, yana juyi, yana tashi. Ta yi shiru, can ta ce, "To Umma, in ƙanena ya yi zazzaɓi fa?" Na ce za mu kai shi asibiti kamar yadda muka kai ki bara kika warke. Ban yi mata alkawarin babu wanda zai mutu ba, don ta riga ta wuce shekarun da za ta yarda.

Sai kuma dabarar sake wa mafarki ƙarshe. Likitoci sun daɗe suna amfani da ita, kuma Barry Krakow da abokan aikinsa sun gwada ta a kan manyan da suka sha wahalar munanan mafarkai bayan an ci zarafinsu, suka buga sakamako mai kyau a 2001. Ana sauƙaƙa ta don yara. Yaro ya faɗi mafarkin a taƙaice da rana, sannan a tambaye shi yadda yake so ya ƙare, ya zana sabon ko ya ba da labarinsa, ya riƙa maimaita shi a ransa minti biyar zuwa goma kowace rana. Sharaɗin shi ne yaron ne zai zaɓi canjin. Ni na so a ce Babanta ya shigo ya kori mutumin, amma ta ce a'a. Nata shi ne ta taka bakin tabarmar da ƙafa, ta warware, sai ga ƙaninta a ciki yana cin gyaɗa yana dariya, mutumin kuma ashe mai sayar da tabarmi ne ya yi ɓatan gida. Ta zana shi da fensir, ta yi masa fuska da hula. Kullum bayan la'asar sai ta ba ni labarin. Ba a yin wannan gab da kwanciya a farko, don kada a tuno da tsoron a lokacin da bai dace ba. Mako na farko mafarkin ya zo sau uku, na biyu sau biyu, kuma ɗaya daga ciki ba ta ma taso ni ba, da safe ta faɗa. Bayan wata ɗaya na rufe littafin. Na kuma gyara lokacin kwanciyarta, domin na tarar sa'a takwas kawai take samu, alhali 'yan shekara shida zuwa goma sha biyu suna bukatar tara zuwa goma sha biyu, 'yan uku zuwa biyar kuma goma zuwa goma sha uku har da na rana.

Wannan hanya tana da iyaka, kuma akwai inda tsayawa a kanta ganganci ne. In yaro ya firgita cikin dare, a fara taɓa jikinsa. Zazzaɓin cizon sauro yana kawo munanan mafarkai da sambatu, kuma yaron da jikinsa ya yi zafi, yana surutai, ba ya gane mutane ko bayan an tashe shi, asibiti yake bukata a daren. In jiki yana sanƙarewa ko yana fizga iri ɗaya kowane lokaci, ko abin yana zuwa sau da yawa a dare guda, ko ya ciji harshe, a je a duba farfaɗiya. Yaron da ke minshari mai ƙarfi, yana barci baki buɗe, numfashinsa na ɗaukewa yana dawowa, mai yiwuwa kumburin maƙogwaro ne ke tsinka masa barci. Wasu magunguna ma suna kawo mafarkai, kamar montelukast da ake ba masu asma, don haka in abin ya fara bayan sabon magani a gaya wa likitan da ya rubuta.

Akwai kuma mafarkin da ba ya canza kama, yana dawo da abin da ya faru daidai yadda ya faru. Yaran da suka ga harin 'yan bindiga, ko suka kwana a daji suna gudu, ko suke zaune a sansanin gudun hijira, da yawansu suna ɗauke da irin wannan, tare da zabura in an buga ƙofa da ƙin zuwa wasu wurare. In ya wuce wata guda, suna bukatar ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa, ba lallashin gida kaɗai ba. Haka kuma yaron da mafarkinsa ya fara kwatsam tare da fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa, ya kuma fara ƙin zama da wani mutum guda, ko ƙin aike zuwa wani gida ko wani shago. Irin wannan yaro a kai shi gefe, inda babu kowa, a tambaye shi a hankali ba tare da an sa masa suna a baki ba, a ce masa ko me ya faɗa ba za a doke shi ba, kuma kafin a gano gaskiya a daina aikensa wurin.